Waiwaye: Yadda Tarar Fawa Fakto Ta Shiga Takardar Kuɗin Wutar Masana'antu

Lokacin da Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin New York a 1882, babu wanda ke maganar fawa fakto, wato adadin da ke nuna kason wutar da aka ja da ya zama aiki, wanda mitocin zamani ke nunawa da haruffan PF ko cos φ. Wutarsa mai tafiya ɓangare ɗaya ce, kuma kusan duk abin da take ɗauka ƙwayayen fitila ne. Duk amfiyan da ya bi waya aiki yake yi, babu wanda ke zuwa ya koma hannu rabbana.

Matsalar ta zo ne tare da wutar da muke amfani da ita a yau, mai juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa a ƙasashenmu, da kuma moton da aka ƙera dominta. Nikola Tesla ya sami rajistar nasa a 1888, Mikhail Dolivo-Dobrovolsky ya fito da mai layi uku a Jamus a 1889, sannan a 1891 aka jawo wuta mai layi uku daga Lauffen zuwa Frankfurt, tazarar kusan kilomita 175. Wannan moton shi ne har yau ke juya injin cashe shinkafa a Kura da injin matse gyaɗa a Sharaɗa. Mai araha ne, mai ƙarko, amma ba ya juyawa sai ya gina maganaɗisu a cikin naɗin wayarsa. Wutar da ke gina maganaɗisun ba ta ƙarewa a cikin injin: takan shiga, ta dawo, ta sake shiga, kamar akwatunan kwalabe da motar kamfani ke kaiwa da komowa da su, suna cin wuri a bayan mota alhali ba su ake saye ba.

A nan rigimar kuɗi ta samo asali. Mitar da aka saba da ita tana ƙirga kWh ne, wato wutar da ta zama aiki. Shi kuwa kamfanin wuta, kaurin wayar da zai ja da girman taransifomar da zai saya sun dogara ne da dukkan amfiyan da zai bi ta cikinsu, mai aiki da marar aiki. Tun a 1892 injiniyan Birtaniya John Hopkinson ya kawo hujjar cewa a raba kuɗin wuta gida biyu: kuɗin abin da ka sha, da kuɗin kayan da aka tanada suna jiran buƙatarka mafi girma. Arthur Wright a Brighton ya haɗa na'urar da ke riƙe wannan adadi mafi girma. Da masana'antu suka cika da motoci, sai kamfanoni suka ga cewa auna buƙatar da kW bai wadatar ba, aka koma kVA, wanda ya haɗa wuta mai aiki da marar aiki. A 1930 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta amince da var a matsayin ma'aunin wutar da ke kai-kawo, bisa shawarar injiniyan Romaniya Constantin Budeanu. Abin da aka iya aunawa kuwa, ana iya sa masa farashi.

Lissafin kansa gajere ne:

```
PF = kW / kVA
```

Mu ƙaddara ƙaramar masana'antar shinkafa da ke jan kW 100 a layi uku mai 415 V, PF ɗinta 0.7. Abin da taransifoma ke gani shi ne kVA 143, kuma kowace waya tana ɗauke da amfiya kusan 199. Da PF ɗin 0.95 ne, aikin nan dai zai buƙaci kVA 105 da amfiya 146 kacal. Shinkafar da aka cashe ɗaya ce, mitar kWh ta juya kusan daidai, amma akwai amfiya 53 da ke yawo a banza. Zafin da waya ke ɓatarwa kuma ba ya tafiya kai da kai da amfiya. Idan amfiya ya ninka biyu, asarar ninkawa huɗu take yi. Shi ya sa ɗaga PF daga 0.7 zuwa 0.95 ke rage asarar waya da kusan kashi 46 cikin ɗari. Taransifoma mai kVA 200 kuwa, a 0.7 kW 140 kawai za ta iya bayarwa, a 0.95 ta ba da 190. Wannan bambancin na kW 50 shi ne wutar maƙwabcin da aka ce masa layin ya cika, kuma shi ke sa fitilun ƙarshen layi su dushe da rana tsaka. A ganina tarar tana da hujja: wanda ya cika hanya da kaya marasa amfani shi ya kamata ya biya, ba sauran unguwa ba.

Kamfanoni suna karɓar ta ta hanyoyi daban-daban. Wasu suna cajin buƙata da kVA, don haka mai ƙarancin PF yana biya ko da kalmar tara ba ta fito a takarda ba. Wasu suna ƙirga kVArh, wato jimillar wutar mai kai-kawo, su caji abin da ya wuce iyaka: a Birtaniya iyakar PF 0.95 ce, a Faransa an daɗe ana amfani da iyakar da ta yi daidai da PF kusan 0.93. A Najeriya, mai buƙatar da ta haura kVA 45 yana shiga rukunin da ake kira MD, kuma mitarsa tana riƙe kVA. Amma ga mai masana'anta a Kano ko Maraɗi da yake da taransifomarsa da janaretansa, akwai tarar da ba kamfani ke yanke ta ba: janareta ma da kVA ake sayar da shi, an gina shi a kan 0.8, duk abin da ya gaza haka naɗin wayarsa ne ke ɗaukar zafin.

Babban mai laifi a ƙananan masana'antu shi ne moton da ya fi ƙarfin aikinsa. Mutane kan sayi babba don kada ya ƙone, sai ya riƙa aiki da rabin kaya ko ƙasa. Moto mai cikakken kaya yana ba da kimanin 0.85, amma idan yana juyawa babu kaya yakan faɗi zuwa 0.2 ko ƙasa, domin maganaɗisun da yake buƙata bai ragu ba, aikin ne ya ragu. Injin da aka bari yana gudu lokacin sallah ko cin abinci, da injin walda na tsohon yayi, duk suna jan adadin ƙasa.

Maganin da aka daɗe da shi shi ne kafasita, wadda ke ajiye wannan wutar mai kai-kawo a kusa da moto, ta hutar da layin kamfani. Masana'antar misalinmu tana jan kVAr 102 na wannan wutar mai kai-kawo. Don ta kai 0.95 sai ya sauko zuwa 33, ke nan tana buƙatar kimanin kVAr 70. Inda ake yawan kuskure shi ne a ɗaura 70 ɗin gaba ɗaya a bar ta dare da rana. Da dare injuna sun tsaya, kafasitar na nan tana turawa, ƙarfin wuta ya hau, kuma a kan janareta tana iya rikita na'urar daidaita wutarsa. Akwatin da ke sa kafasitoci yana cire su mataki-mataki shi ne daidai.

Zamani ya ƙara wani tarko. Na'urorin sarrafa gudun moto, VFD, suna gurɓata siffar wutar, kuma kafasita tsurarta na iya ƙara girman wannan gurɓatar har ta kumbura ko fiyus ya riƙa ƙonewa. Inda suke da yawa, ana haɗa kowane mataki da naɗin waya na kashi 7 cikin ɗari. Kafasita kuma tana mutuwa ba tare da wata alama a waje ba, musamman a zafin bazara. Hanyar ganewa ita ce a kama wayarta da mitar amfiya: matakin kVAr 25 a 415 V ya kamata ya ja amfiya kusan 35 a kowane layi. Idan ya nuna 20, ko layi ɗaya ya nuna sifili, wannan matakin ya gaji, a canza shi bayan an kashe wuta an jira cajinsa ya sauka.