Haska fata a hoto

Haska fata a hoto shine a ɗauki hoton mutum baƙi ko wankan tarwaɗa a yi masa editin har ya fito fari, ko da filtar waya ko a Lightroom da Photoshop. Daban yake da gyaran haske, duk da masu hoto da yawa suna haɗa su su ce ai gyara ne kawai.

Matsalar ta daɗe. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa rabawa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, hoton baturiya ne, da fatarta ake saita kala, shi yasa baƙin mutum yake fitowa duhu dulum sai ido da haƙori, sai a 1995 suka fitar da kati mai mata masu kalar fata daban daban. Toh gyara wannan duhun daidai ne, amma canzawa mutum kalarsa wani abu ne daban, don ana nuna masa kenan yadda Allah ya halicce shi bai yi ba. Yarinya ta ga hoton bikinta ta fito fara tas, mutane nata yabo a status, ta kalli madubi ta ga ba haka take ba, daga nan wasu ke faɗawa man bilicin mai hydroquinone ko mercury, wanda ke ƙona fata, mercury ɗin ma har ƙoda yake taɓawa.

Misali amarya wankan tarwaɗa ta sa farin leshi da rana tsaka. Kyamara tana ƙoƙarin maida komai matsakaicin toka-toka ne, da ta ga fari yayi yawa sai ta rage haske, fuskar ta yi duhu fiye da yadda take. Gyaran gaskiya anan shine a Lightroom a ɗaga `Exposure`, wato haske, kamar +0.7 zuwa +1 ga hoton gaba ɗaya, a sauke `Highlights`, wato wuraren da haske yayi yawa, don zanen leshin ya dawo, a ɗan ɗaga `Shadows`, wato wuraren duhu, sannan a saita `White Balance`, wato daidaita kala, da farin kayan. Fatar zata dawo kalar da ido ya gani a wurin, sai a tsaya nan.

Wanda zai haska ta kuwa `HSL` yake shiga, wurin da ake gyara kowace kala daban, ya ja `Luminance` na `Orange` sama, wato haskenta, ya rage `Saturation`, wato ƙarfin kalar, don kalar fatar mutum kusan duk a `Orange` take. Kuma ana ganewa, fuska ta yi fari fat kamar an shafa toka, jan lallen hannu ya koɗe, in fuskar kaɗai aka zaɓa wuya da kunne da bayan hannu su zauna da kalarsu ta asali, ango dake gefenta kuma bai canza ba alhali rana ɗaya ce ta haska su.