Mene ne "ritim" a montaj ɗin katun?

Duk wanda ya zauna da samarin da ke haɗa katun a Damagaram ya taɓa jin wannan magana: zanen ya yi kyau, amma ritim bai zauna ba. Kalmar ta shigo mana ne daga Faransanci, tare da ƴar'uwarta montaj, wato aikin da mutanen Kano ke kira tace hoto. A bakin mai montaj, ritim na nufin tsawon lokacin da kowane guntun hoto zai yi a kan allo kafin a yanke shi, da yadda za a tsallaka daga shi zuwa na gaba, har tafiyar hotunan ta dace da bugun kiɗa da kuma abin da ake so mai kallo ya ji a ransa. Ni na fi son in kira shi taku. Doki biyu na iya zama iri ɗaya a ido, amma ranar hawan salla a ƙofar fada takunsu ne ke raba su.

Abin da ya bambanta katun da fim ɗin mutane shi ne lokacin da ake yanke wannan shawara. Mai kamara yana ɗauko hoto fiye da bukata, ya dawo ya zauna ya zubar da abin da bai so. Mai katun ba ya da wannan rarar, domin kowane motsi da hannu ake zana shi. Shi ya sa ake yin montaj kafin zane. Ana jera zanen kwarya-kwarya marar launi a kan kiɗan, a ba kowane guntu tsawonsa, a kalla, a gyara, sai an gamsu sannan a fara zanen gaske. Wannan gwajin shi ake kira animatik, kuma a cikinsa ake haifar ritim. Wanda ya tsallake shi zai zana abin da zai zubar daga baya, ko kuma ya ƙi zubarwa don tausayin wahalarsa, fim ɗin ya yi nauyi.

Ma'aunin aikin shi ne firem, wato hoto ɗaya tak daga cikin jerin da ke gudu a kan allo. Sinima na tafiya da firem 24 a sakan, talabijin ɗinmu kuma da 25. Shi kiɗa ana auna saurinsa da yawan bugu a minti ɗaya, abin da manhajoji ke rubutawa `BPM`. Lissafin da ke haɗa su gajere ne, `fps` kuma a cikinsa na nufin yawan firem a sakan:

```
firem a bugu = fps × 60 ÷ BPM
```

Idan aikin yana kan firem 25 kuma kiɗan na buga 100 a minti, kowane bugu firem 15 ne daidai. Bugu huɗu, wato zagaye ɗaya na kiɗan, firem 60 ke nan. Da wannan sanda za mu auna misalinmu.

A ɗauka muna zana karon ƙarshe a filin kokawa na Langa-Langa. Guntu na farko ya nuna filin gaba ɗaya: ƴan kallo, makaɗa a gefe, ƴan kokawa biyu a tsakiya. Wannan yana bukatar bugu takwas, firem 120, kusan sakan biyar, domin ido na da abubuwa da yawa da zai karanta kafin ya san inda yake. Sai fuskar na farko, bugu huɗu, sai ta na biyu, bugu huɗu. Daga nan hannaye suna laluben juna, bugu biyu, ƙafafu suna jan yashi, bugu biyu. Sai guntaye uku masu bugu ɗaya-ɗaya: hannu ya cafki ƙafa, ido ya zaro, diddige ya zame. Takwas, huɗu, biyu, ɗaya. Kiɗan bai ƙara sauri ko kaɗan ba, amma mai kallo zai rantse cewa ya ƙara, saboda yankan ne ke matsowa kusa da juna, numfashinsa kuma yana bin su.

Zuwa nan an ci bugu 23, firem 345. Guntu na ƙarshe ya fara da ɗagawa, bugu ɗaya, sai gadon bayan ɗan kokawa ya daki ƙasa a firem 360, daidai kan bugu mai nauyi da ke buɗe sabon zagaye. To a nan ne ake gane mai montaj. Hannu zai so ya ci gaba da yanka: ga ƴan kallo sun yi tsalle, ga makaɗi, ga wanda ya yi kaye yana zagaya fili. Kada a yanka. A bar hoton a kan wanda ya sha ƙasa har firem 75, sakan uku cur, a sa gangar ta yi shiru, ƙura tana sauka a hankali. Duk gaggawar da aka tara a baya, dalilinta wannan tsayawar. Idan aka hana mai kallo ita, ya ga faɗuwa amma bai ji ta ba.

Na koyi wannan ne a wani ɗan aiki da na yi shekarun baya, inda na yanka kowane guntu a kan kowane bugu, tun daga farko har ƙarshe. A kan kwamfuta komai ya hau layi tsaf. Na nuna wa ƙanwata a waya, ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini ta ce, "Yaya, wa ya ci?" Faɗuwar tana ciki, na zana ta da kyau, amma tsawonta ɗaya da na ƙafar da ke jan yashi, don haka ido bai ba ta wani matsayi na dabam ba. Yanka a kan kowane bugu yana mayar da fim kamar dakan turmi: da farko yana da daɗin ji, bayan ɗan lokaci kunne ya daina lura da shi. Bugun kiɗa yana nuna wuraren da yanka zai iya faɗawa ne kawai. Zaɓen wanda za a ɗauka da wanda za a bari ya wuce, labarin ne ke yin sa. Sau da yawa ma abin da ya kamata ya hau bugun shi ne motsin da ke cikin hoton, kamar dukan ƙasan nan, yankan kuma ya zo kafinsa.

Akwai wata ƴar dabara da ke da tushe a yadda aka halicce mu. A duniya haske na riga sauti isowa: kana hango mai faskare daga nesa, gatari ya sauka, sannan ƙarar ta zo. Saboda haka kunne na yafe wa sautin da ya ɗan makara, amma ba ya yafe wa wanda ya riga hoto. Masu katun sukan sa zanen dukan firem ɗaya ko biyu kafin bugun. A misalinmu, bayan ɗan kokawa ya taɓa ƙasa a 358 ko 359, gangar ta amsa a 360. Idan aka juya, ganga ta riga jiki, faɗuwar za ta yi laushi kamar an ajiye buhun auduga.

Bayan kaye sai tsallakawa. A ce guntu na gaba ya nuna wanda aka kayar zaune a zaure da magariba. Yanka kai tsaye na gaya wa mai kallo cewa lokaci bai katse ba, don haka zai iya ɗan rikicewa. A nan narkewa ta dace, abin da manhajoji da yawa ke kira `Cross Dissolve`, inda hoto ɗaya ke dusashewa ɗayan yana fitowa ta cikinsa. Bugu biyu ya isa, firem 30. Sai dai a tuna cewa a cikin waɗannan firem 30 hotunan biyu duk suna kan allo, wato dole a ƙara musu tsawo tun a animatik. Wanda ya manta zai ga hoto ya daskare a tsakiyar narkewar. Dusashewa zuwa baƙi ta fi wannan nauyi, tana rufe babi ne gaba ɗaya, kuma ban ga dalilin yin ta fiye da sau ɗaya ko biyu a ɗan gajeren fim ba. Su kuwa tsallake-tsallaken ado da ke cike da manhajojin waya, masu juyi da walƙiya, suna janye ido daga labari zuwa kansu.

Lissafin yana da iyaka, kuma iyakar ta fi shafar mu. Da farko, ba kullum yake fita cif ba. Kiɗa mai bugu 110 a kan firem 24 yana ba da 13 da ɗan ɗigo. Idan ka ɗauki 13 kana ta jerawa, duk bayan bugu 11 ka kauce da firem ɗaya, kafin rabin minti ka kauce da biyar, kuma ido na ganin wannan. Maganinsa shi ne a ƙirga wurin kowane bugu daga farkon waƙar, ba daga yankan da ya gabata ba. Na biyu, makaɗin kalangu ko na gangar kokawa ba inji ba ne. Yana ja, yana saki, idan kirari ya yi zafi hannunsa ya ƙara wuta. Kiɗan da aka ɗauka daga hannunsa ba ya da lamba ɗaya da za a sa a lissafi. A nan sai a saki sautin, a riƙa danna `M` a kan kowane bugu, domin a Blender da manhajojin montaj da dama wannan maɓalli ne ke dasa alama. Daga baya a buɗe zanen sautin, a matsar da kowace alama zuwa kan tsinin bugunta, saboda yatsa kan makara. A yi wannan da abin kunne mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai duk alamominka su zauna a baya ba ka sani ba.

Wani ramin kuma yana wajen fitar da fim. Idan an zana a kan 24 aka saki hoton a kan 25 ba tare da an taɓa sautin ba, minti ɗaya na hoto zai ƙare a sakan 57.6. Alamarsa ita ce farkon fim ya zauna daidai, tsakiya ya fara zamewa, ƙarshe ya rabu da kiɗan sarai. Idan kuwa kaucewar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, to sautin ne aka ajiye ba a mazauninsa ba, a ja shi kawai.

Kafin in fara zanen gaske, gwaji biyu nake yi wa animatik. Ina kashe sautin in kalla: idan har yanzu ina jin matsowar yankan da sakin da ke bayan faɗuwa, takun yana cikin hoton. Sannan in ba wanda bai san labarin ba a waya, ni kuma in kalli fuskarsa maimakon allon. Inda ya ɗauke ido, guntun ya yi tsawo, sai in rage masa bugu ɗaya. Inda ya matso da wayar ko ya ce "me ya faru?", ya yi gajarta, sai in ƙara. A zanen da ake riƙe kowane hoto firem biyu, sakan ɗaya da aka rage a wannan mataki zane goma sha biyu ne ko sha uku da hannu bai yi ba.