Mene ne rufe jamp kot da bi-rol a editin ɗin hira?

Wani ƙanena da yake koyon editin a nan Agege ya tambaye ni wai me ake nufi in an ce a rufe jamp kot da bi-rol, to bari in yi bayanin da aikin da na yi kwanan nan.

Na ɗauki hira da wani Alhaji dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, kyamara ɗaya a kan ƙafarta ba ta motsi. Yana cikin cewa "tumatirin nan daga Kano muke lodo shi" sai wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga ya ce zai kira, ya ɗan gyara hula, sannan ya ci gaba "in mota ta lalace a hanya rabin kwandon ruɓewa yake". Sakan 12 ke nan da ba su da amfani, dole in yanke su. To da na yanke na haɗa bakin biyu, sai kan Alhaji ya yi tsalle daga hagu zuwa dama, hula ta canza zama, wani mai baro da ke bayansa ya ɓace ɓat kamar aljani. Wannan tsallen shi ne jamp kot, kuma yana faruwa ne saboda hoton kafin yankan da na bayansa kusurwa ɗaya ce girma ɗaya, ido ba ya ganin an canza hoto, gani yake an fizge wani abu.

Shi kuma bi-rol hotunan gefe ne da ka ɗauka ban da fuskar mai magana, kwanduna, masu sauke kaya daga tirela, hannu yana tsince ruɓaɓɓen tumatir. A Premiere Pro, hirar tana kan layin hoto na farko wato V1, muryarta a layin sauti na farko wato A1, sai ka ɗauko bi-rol ka ɗora a layin hoto na biyu wato V2 daidai saman yankan. A CapCut kuwa Overlay ake sa shi a ja ya cika allo. Murya na ci gaba a ƙasa, ido yana kan kwando, lokacin da za a dawo fuskar Alhaji mai kallo ya manta yadda kansa yake a da.

Ni sakan 3 na sa, wato firem 75 tunda firem 25 a kowane sakan nake ɗauka. Na fara shi sakan ɗaya kafin yankan, ya wuce yankan da sakan biyu. Kar ka sa ɗan guntu na rabin sakan, walƙiya kawai zai yi, ya ma fi jamp kot ɗin tona asiri. Kuma hoton ya dace da maganar, yana zancen ruɓewa na nuna hannun da ke tsince ruɓaɓɓen, da danfo na nuna mutum zai tsaya tunanin me ya kawo danfo nan. In a bi-rol ɗin ana ganin bakin Alhaji yana motsi shi ma matsala ne, don bakin daban muryar daban.

Amma inda na fi so ƙanena ya gane shi ne bi-rol ido kawai yake rufewa, kunne yana nan buɗe. A Legas ba ka samun shiru, kafin yankan janareton wani shago yana ruri, a cikin sakan 12 ɗin nan aka kashe shi, sai ga shi ƙarƙashin hoton kwandon tumatir ƙarar ta ɗauke ɗif lokaci ɗaya. Kowa ya ji ya san an yanka. Abin da na yi shi ne na sa Constant Power, wato abin da ke narkar da sauti cikin na gabansa, na firem 4 a kan yankan A1 a Premiere Pro don ɗan ƙas ɗin nan ya tafi, sannan na shimfiɗa hayaniyar kasuwar da na ɗauka daban ta sakan 30 a A2 ƙasa-ƙasa, da ƙarar janareton a ciki, na bar ta tana raguwa a hankali. Yankan ma na matsar da shi ya faɗi bayan ya gama kalma kafin ya ja numfashi, don in ka yanke numfashi a tsakiya ana ji. Gwajin da nake yi kullum, in sa iyafis in rufe ido in saurara, in na iya nuna inda yankan yake to da sauran aiki.

Abu ɗaya da yake damuna sosai, tunda mai kallo ba ya ganin yankan, za ka iya haɗa farkon wata jimla da ƙarshen wata ka sa wa mutum maganar da bai yi ba. Ni wayar da ta yi ƙara kawai na cire, kuma kafin in fitar sai da na koma kasuwa na kunna wa Alhaji a wayata, ya saurara har ƙarshe ya ce eh, haka ya faɗa.