Waiwaye: yadda bashin wutar wanda ya tashi ke faɗawa kan wanda ya tare

Mutum ya tare a sabon gida, wata guda bai cika ba sai ga takardar kuɗin wuta ko ta ruwa ɗauke da bashin da ya girmi zamansa a gidan. Wanda ya sha wutar ya kwashe kayansa ya yi gaba, kamfani kuma ƙofar da ya sani ita yake ƙwanƙwasawa. Matsalar tsohuwa ce, kuma tushenta yana cikin yadda aka tsara sayar da wuta da ruwa tun farko.

Tun daga shekarun 1880, lokacin da aka fara sayar wa gidaje wutar lantarki da mita, tsarin shi ne a sha tukuna a biya daga baya. Ma'aikaci ya zo ya karanta mita, a cire karatun baya daga na yanzu, a rubuta kuɗi. Mitar a jikin bango take, ba ta tashi idan mai haya ya tashi, don haka littattafan kamfanoni suka ginu a kan adireshi da lambar mita. Yarjejeniya kuwa da mutum ake ƙulla ta. A nan aka samu giɓi: a doka bashin na wanda ya ƙulla yarjejeniyar ne, amma a littafi yana manne da gida. Muddin ba a sanar da kamfani cewa an sauya mazauni ba, lissafi zai ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru.

Kotuna sun daɗe suna kai-komo a kan wannan giɓin, kuma ba matsaya ɗaya suka cimma ba. A Indiya, Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 1995, a shari'ar Isha Marbles, cewa wanda ya sayi wuri a gwanjo ba za a tilasta masa biyan bashin wutar tsohon mai wurin ba, tunda babu yarjejeniya tsakaninsa da hukumar wuta a kan wannan bashi. Bayan nan hukumomin wuta da dama suka rubuta sharaɗin biyan tsohon bashi cikin ƙa'idojin ba da wuta, kuma a watan Mayun 2023, a shari'ar K.C. Ninan, kotun ta ce inda irin wannan sharaɗi yake da ƙarfin doka, ana iya ƙin jona wa sabon mai wuri wuta har sai an biya.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya. Dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2000, a sashe na 118, ta hana sauya sunan mai gida sai an nuna takardar shaidar cewa an biya kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke bin gidan, irin su na wuta da ruwa, na shekara biyu da suka gabata. Wasu ƙananan hukumomi suka fassara wani ɓangare na sashen da cewa bashin da ya wuce shekara biyun ma yana bin gidan, suka riƙa tsare sababbin masu gida da shi, har da hana su wuta da ruwa. A ranar 29 ga Agusta, 2017, Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta yanke a shari'ar Jordaan cewa da zarar gida ya koma hannun sabon mai shi, ba a bin sa wancan tsohon bashi. A ganina wannan hukunci shi ne ya fi kusa da adalci, domin mai ba da wutar shi ke da littafi, shi ke da ikon yankewa tun bashin yana ƙarami. Idan ya yi sake har bashi ya taru, bai kamata wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya ɗauki nauyin sakacin.

Abin lura shi ne waɗannan shari'o'i duk a kan masu sayen gida ko wuri ne. Matsayin ɗan haya ya fi sauƙi, don bai mallaki komai ba balle a ce bashi ya bi dukiyar zuwa hannunsa. A Birtaniya, alal misali, doka tana ɗaukar cewa wanda ya tare ya shiga yarjejeniya da kamfanin da ke ba gidan wuta daga ranar da ya karɓi gidan, ko da bai sa hannu a komai ba, kuma alhakinsa daga ranar yake farawa. Sai dai gaskiya a takarda ba ta isa, dole a iya nuna inda mitar take a wannan rana.

A ce karatun ƙarshe da ma'aikaci ya ɗauka da idonsa 12,400 ne. Tsohon mazauni ya ci gaba da shan wuta na wasu watanni ana rubuta masa kiyasi, sannan ya tashi bai sanar ba. Ranar da sabon ya karɓi makulli mitar tana 13,150. Bayan wata guda aka zo aka karanta 13,330. Kamfani zai cire 12,400 daga 13,330 ya samu yunit 930, ya aiko da kuɗinsu gaba ɗaya. Alhali abin da sabon ya sha 180 ne kawai, sauran 750 na wanda ya tafi ne. Idan akwai hoton mitar na ranar tarewa, wanda ya nuna karatun da lambar mitar a fili, ga kuma takardar haya mai kwanan wata, raba lissafin aikin minti kaɗan ne. Idan babu, sai a koma raba yunit 930 bisa yawan kwanaki, kuma wannan rabon yakan cuci wanda bai cika shan wuta ba.

Ana gane irin wannan takarda ta wurare uku: sunan da ke kanta, ranar da lissafin ya fara, da layin da ke nuna ragowar bashin baya. Idan ranar farawa ta riga ranar tarewa, akwai kuɗin wani a ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ci gaba da biya a asusun tsohon mazauni don gudun wahalar zuwa ofis. Abin da ya biya sau da yawa tsohon bashin ake fara cikewa da shi, nasa na wata kuma ya zama sabon bashi. Hanyar da ta dace ita ce a nemi a rufe tsohon asusun a kan karatun ranar tarewa, a buɗe sabo da sunansa, a shigar da ƙorafin a rubuce a karɓi lambarsa, sannan a riƙa biyan kuɗin da ba a jayayya a kansa don kada a samu hujjar yanke wuta.

An yi zaton mita mai kati za ta kashe matsalar. Tsarin biya kafin sha ma ba sabo ba ne, tun ƙarshen ƙarni na 19 ana da mitar gas mai cin kwabo a Birtaniya, kuma tsarin STS na loda wa mita lambobi 20 da ƙasashe da yawa ke amfani da shi a yau ya fito ne daga Afirka ta Kudu a shekarun 1990. Amma bashin bai mutu ba, wuri ya sauya. Kamfanoni sukan ɗora tsohon bashi a kan lambar mitar, su riƙa cire wani kaso duk lokacin da aka sayi wuta. Idan kason kashi 25 cikin ɗari ne, kuɗin yunit 100 zai ba da 75 kacal, kuma babu takardar da za ta zo gida ta faɗa wa mutum. Wannan ya fi na da ɓoyuwa, shi ya sa wasu kan yi watanni suna zargin mitar da saurin ci. A rasit ake gani, a layin da ke nuna abin da aka cire na bashi da ragowarsa. A wasu tsare-tsaren kuma bashin a cikin mitar kanta aka loda shi, tana cirewa mako-mako, kuma amfani da kati ko makullin mitar da tsohon mazauni ya bari yana ci gaba da biya masa. Nan ma sai kamfani ya share bashin daga mitar, ya ba da sabon kati, ya mayar da abin da aka riga aka cire tun ranar tarewa.