Ba ka samu jana'iza ba, to me ya hana ka kira?

A ɗan asibitin da nake aiki akwai wasu marasa lafiya da nake gane su tun kafin su zauna. Mace ce mai takaba, 'yarta ko maƙwabciya ta rako ta, ta rame, idanu sun faɗa. Kukanta ɗaya ne: ciwon kai, faɗuwar gaba, jiki duk ya mutu, barci ya ƙaurace. A gwada jini a ga ya hau. A tambayi maganin da take sha, ta ce ai tun ranar rasuwar ba ta ƙara bi ta kansa ba. Idan na ɗan ja ta da hira na ce, "Hajiya, 'yan'uwa suna leƙo ki kuwa?" sai ta yi shiru, can ta ce, "Kowa yana fama da kansa." Daga nan sai sunaye su fara fitowa. Ƙaninta da ke Legas, ɗan mijinta da ke Agadas, aminiyarta da aure ya kai Abuja. Duk sun turo saƙo ranar da aka yi rasuwar. Tun daga ranar babu wanda ta ƙara jin muryarsa.

Wannan shirun shi nake so mu yi magana a kai, domin ya ishe ni.

Babu wanda zai ga laifinka don ba ka samu jana'iza ba. Mu nan mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wanda ke Fatakwal ko Kumasi ko Jidda ta ina zai iso? Ko wanda ke Kaduna ma wani lokaci a hanya ake gaya masa an dawo daga maƙabarta. Wannan kowa ya san shi, mai rashin ma ta sani. Abin da ba ta gane ba shi ne dalilin da ya sa rashin zuwanka ya zama rashin kiranka. Na ji uzurin har na gaji: "Wallahi kunya nake ji, ban je ba, da wane baki zan yi mata magana? Bari sai na samu hali na je da ƙafata." Sati ya wuce, wata ya wuce, kunyar ta ƙaru, kiran ya ƙara nauyi. Kai kana can kana cewa zumunta a ƙafa take, ita kuma tana nan ta ƙudura a ranta cewa mijinta ne ya haɗa ku, da ya tafi kun yar da ita.

Ku lura da yadda makoki yake tafiya. Kwana ukun farko gida cike yake, an kafa rumfa a ƙofar gida, mata sun cika ɗaki da tsakar gida, ana ta shigowa da kwanukan abinci. A kwanakin nan wayar mai rashin ma sau da yawa ba ta hannunta, tana wajen 'yarta ko a kashe. Wanda ya kira a lokacin, gaisuwa ce ta minti ɗaya a gaban jama'a: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, amin na gode. Yana da kyau, a yi shi. Amma bayan an yi addu'ar uku baƙi sun watse, an kwashe tabarmi, a nan ne gidan yake yin faɗi. Ita kuwa takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Duk tsawon nan tana gida, ba biki ba suna, ba fita sai da lalura. Yawancin waɗanda ake kawo mana ba a makon farko suke zuwa ba, sai bayan ƙafa ta ɗauke. Wato daidai lokacin da na kusa suka koma harkokinsu, lokacin ne na nesa yake da amfani, kuma lokacin ne kuke yin shiru.

Akwai wata baiwar Allah da aka kawo mana ana saura kaɗan a yi arba'in ɗin mijinta. Ta haura hamsin, dama tana da hawan jini, kuma marigayin ne yake sayo mata magani duk wata. Da ya rasu maganin ya ƙare, ba wanda ya lura, ita kuma ba ta iya buɗe baki ta roƙa ba. Jininta ya kai 180 bisa 110. Ƙaninta yana aikin gadi a Legas, ya turo kuɗi masu kauri ranar rasuwar, an sayi shinkafa da ruwan leda an ciyar da masu zaman makoki, shi ke nan a ganinsa ya sauke nauyi. Da izininta na sa 'yarta ta kira shi a gabana. Na ce masa, "Malam, ba kuɗi na kira in nema ba. Yayarka ba ta barci, ba ta cin abinci, ta bar magani. Yaushe rabon da ka ji muryarta?" Ya yi ta rantsuwa cewa kullum tana ransa. Na ce to ita ba ta ganin cikin ranka.

Abin da muka tsara da shi ba wani abu ne mai wuya ba. Ita ƙaramar waya ce da ita, ba ta WhatsApp, kuma ba ta karanta boko. Saboda haka duk Juma'a bayan isha'i zai kira ta kai tsaye, da katinsa, ba ya yi mata filashin ba. A tsakiyar mako kuma zai tura saƙon murya ta wayar 'yarta a kunna mata. Kuɗin magani zai riƙa turawa mai kemis ɗin unguwarsu duk ƙarshen wata, yarinyar ta je ta karɓo. Da ta dawo awo jinin ya sauka. Magani ne ya saukar da shi, ba na ce waya ce ba, amma wa ya sa ta koma shan maganin? 'Yar ta gaya mini akwai saƙo ɗaya da uwar take sa a maimaita mata, wanda a ciki yake ba da labarin yadda marigayin ya biya masa kuɗin mota ranar da zai fara tafiya Legas, ya kuma hana shi gaya wa kowa.

Saƙon murya yana da wata fa'ida da kira ba shi da ita. Ba ya tilasta wa mai baƙin ciki ta amsa a lokacin da ba ta da ƙarfin magana. Za ta ji shi sa'ad da ta so, ta sake ji da tsakar dare idan barci ya ƙi zuwa. Amma a yi shi da hankali. Kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, saboda data da kuma ƙarfin zuciyar mai saurare. Ka nemi wuri mara hayaniya, ba cikin kasuwa ana ta hon a bayanka ba. Ka kira ta da sunan da ka saba kiranta, ka ambaci mamacin, ka faɗi wani alheri nasa da kai ka sani. Misali: "Yaya, ni ne. Ya ƙarin haƙuri? Yau na tuna Malam, yadda ba ya taɓa bari in bar gidan nan ban ci abinci ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba sai kin amsa ba, zan kira ki ranar Juma'a in Allah ya yarda." Idan ka ce Juma'a, to ya zama Juma'a. Kuma don Allah a daina tura wannan doguwar ta'aziyyar da ake kwafowa daga wani zaure, mai furanni da hoton carbi, wadda ko sunan mamacin babu. Wanda aka turawa ya san ba don shi aka rubuta ba.

Idan ka ga saƙo ya shiga, an ma saurara, amma ba a amsa ba, kada ka yi fushi ka ce an share ka. Nan ma wani wurin ne da shirun yake samun ƙofa. Ba ka bin mai rashi bashin amsa. Ka sake turawa bayan kwana biyu.

In kuma ka kira, ka rage wa'azi. Da ta fara kuka sai a rufe ta da "haba, ki yi haƙuri mana, kukan nan ba kyau." Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganganun saɓo. Ka bar ta ta yi, kai dai ka riƙe wayar. Kada ka sa ta maimaita maka yadda ya cika, ta faɗa wa mutum ɗari kafin kai. Kada ka tayar da zancen gado. Kuma "ya jiki?" amsarsa kullum "da sauƙi" ce, saboda haka ka yi tambayar da ba a kauce mata: me kika ci yau? Ƙarfe nawa kika yi barci jiya? Maganin saura ƙwaya nawa? Wa yake kwana tare da ke? Maza ma haka. Uban da ya binne ɗansa ya koma kasuwa a rana ta huɗu, kowa yana yaba dauriyarsa, shi ma a kira shi, don su ne ake kawo mana a makare.

Sauran a taƙaice, tunda kun san su:

- Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, Annabi ya ce a yi wa iyalinsa abinci. Daga nesa ma ana iyawa: ka biya mai shago ya kai musu gero ko shinkafa da mai.
- Abin da za ka bayar ka raba shi biyu, rabi na makoki, rabi bayan baƙi sun watse, kuma ya shiga hannunta.
- Ka sa mata kati, ka tambayi kuɗin makarantar yara.
- Ka riƙe lambar mutum ɗaya mai amana da ke kusa da gidan.
- Azumin farko da sallar farko ba tare da shi ba, ka kira.

Lambar nan ta na kusa ba ta ado ba ce. Idan a waya ka ji maganarta tana harɗewa, ko ta ce ƙirjinta yana ciwo, ko gefe ɗaya na jikinta ya yi nauyi, ko kai yana sara mata fiye da kullum, ka kira shi nan take a kai ta asibiti. Zuwa asibiti lalura ce, takaba ba ta hana shi. Idan ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, ko tana sayen maganin barci a kemis ba da takardar likita ba, a kawo ta mu gani. Idan ta fara cewa gara ta bi shi, rayuwar ta ishe ta, kada ka ce mata ta yi istigfari ka kashe waya. Ka tambaye ta a fili ko tana tunanin yi wa kanta wani abu, ka sa a zauna da ita, a kawo ta a ranar. Wanda kuma ya haura wata shida baƙin cikin yana nan kamar ranar farko, ya kasa komawa sana'arsa ko kula da 'ya'yansa, shi ma akwai taimakon da ake yi masa a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, mu za mu rubuta masa takardar zuwa.

Wanda kuma ya riga ya yi wata uku bai kira ba, kada ya tsaya tsara uzuri. Ya kira yau bayan isha'i, ya yi sallama, ya ce ya ƙarin haƙuri, ya tambaye ta abin da ta ci.