Kafin ki taɓa ƙusar gidan kwarkwaro, duba allura da zaren sama

Ƴan uwa mata masu koyon ɗinki da teloli na cikin garin Tawa, akwai wata ɓarna da muke yawan tararwa a wuraren horo, musamman idan Sallah ta matso aiki ya yi yawa. Da zarar keke ya fara tsallake ɗinki, ko zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, sai mai ɗinki ta ciro gidan kwarkwaro ta hau murɗa ƴar ƙusar da ke jikinsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin galibi lafiyarsa lau, kuma murɗawar ita ce take mai da ƙaramar matsala ta zama ta kai wa mai gyara.

Zaren da kike gani ya taru a ƙasa, a mafi yawan lokuta zaren sama ne. Yana bi ta tsakanin wasu ƙananan faifai biyu na ƙarfe waɗanda suke matse shi, kuma matsin nan ne yake sa ya ɗaure da na ƙasa a tsakiyar yadi. Faifan suna buɗewa idan an ɗaga ƙafar da ke danne yadi, suna rufewa idan an sauke ta. Saboda haka wadda ta zura zare ƙafar tana ƙasa, zarenta bai shiga tsakaninsu ba, ya hau ta kansu ne kawai, sai ya riƙa zuba ƙasa babu mai riƙe shi.

Mu ɗauki misalin mai ɗinka rigar shadda da baƙin keke na ƙafa. Ta saman ɗinkin ya yi kyau, amma da ta juya sai ta tarar da zare tuli. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta zare zaren sama gaba ɗaya, ta ɗaga ƙafar, ta goge tsakanin faifan da ɗan ƙyalle mai tsabta, domin ƙurar hunturu da burbushin zare sukan maƙale a nan su hana su matsewa. Sannan ta sake zurawa, ta tabbata zaren ya bi ta ƙarfen nan mai hawa da sauka. Idan ta ja zaren ƙafar tana sama, ya kamata ya taho salin-alin, idan kuma ta sauke ƙafar ta ji ya yi tauri. Daga nan ta gwada a kan guntun shaddar da ta ninka biyu, da baƙin zare a sama da fari a ƙasa, tana riƙe da bakin zaren biyu a farkon ɗinki. In baƙin ya leƙo ta ƙasa, ta ƙara matsin sama kaɗan. In farin ya leƙo ta sama, ta sassauta.

Tsallaken ɗinki kuwa, allura ake fara tuhuma. Duk lokacin da allura ta sauka ta fara ɗagowa, zare yakan ɗan lanƙwashe a gefenta, ƙugiyar ƙasa ta cafke shi. Allurar da ta karkace ko da kaɗan ne, ko ta dakushe, ko ba a tura ta har ƙarshe ba kafin a ɗaure, ƙugiyar za ta wuce ba ta kama komai ba. Ki ciro ta ki kwantar da ɓangarenta mai faɗi a kan madubi, karkata za ta bayyana. Ki shafa ta da farce za ki ji dogon kwarmi a gefe guda, to ta wannan gefen zare yake shiga, kuma idan aka juya ta baibai keken zai yi ta tsallake ko ya ƙi ɗinki sam.

Lambar allura ma tana da magana. Lamba 11 ta yadi mai laushi ce, 14 ta dace da atamfa, shadda mai tauri da yadin jins kuwa suna son 16, wani lokaci har 18. Yadi mai talewa yana buƙatar allura mai mulmulallen baki, domin mai tsini takan sa shi tsallake. Kada kuma a sa allurar babban keken injin, mai zagayayyen gindi, a keken gida, wanda tasa allurar ake rubuta HAx1 a jikin kwalinta.

Idan an sa sabuwar allura daidai, an sake zura zare, an share ƙasan keken, amma tsallaken bai daina ba, ko kuma ana jin allura tana bugun ƙarfe tana karyewa, to saitin haɗuwar allura da ƙugiya ne ya goce. Wannan aikin mai gyara ne, ki dakatar da ɗinkin ki kai masa tare da guntun ƙyallen da kika yi gwaji a kansa.