Ƙwai a cikin kwaɓin fulawa

Sanya ƙwai a kwaɓin burodi ko na taliya hanya ce ta ƙara wa kwaɓin maiƙo da furotin, wadda ke sauya taushinsa da danƙonsa da launinsa. An san ta a taliyar arewacin Italiya, da wasu nau'o'in taliyar kudancin Sin, da burodin buriyosh na Faransa, da burodin hala na Yahudawa. Sakamakon ya dogara ne da wane ɓangare na ƙwan aka zuba, domin farin ƙwai da gwaiduwa ba aiki ɗaya suke yi ba, kusan ma kishiyoyin juna ne.

Abin da ƙwai ya ƙunsa

Babban ƙwan kaza, idan aka cire ɓawo, nauyinsa kusan giram 50 ne. Kashi biyu cikin uku fari ne, ragowar gwaiduwa. Farin kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran furotin, ba shi da maiƙo. Gwaiduwa kuwa rabinta ne kawai ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku maiƙo ne, kuma tana ɗauke da wani sinadari mai suna lesitin da ke haɗa mai da ruwa su zauna tare. Idan aka haɗa su, kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwai ruwa ne. Wannan lissafin ya fi kowane muhimmanci ga mai kwaɓi, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

A cikin taliya

Idan fulawa ta sha ruwa aka cuɗa ta, furotin ɗinta yana sarƙewa ya zama gilutin, wato danƙon da ke sa kwaɓi ya miƙe bai tsinke ba. Maiƙon gwaiduwa yana shiga tsakanin zaren gilutin ya hana su damƙe juna sosai, shi ya sa taliya mai yawan gwaiduwa take da laushi da santsi a baki. Farin ƙwai kuma yana daskarewa idan zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas. A tukunya sai ya zama wata raga ta biyu da ke riƙe sitaci, taliyar ta yi ƙarfi a haƙori, ba ta saurin caɓewa, ruwan dahuwar ma ba ya yin kauri sosai.

Wannan ne ya raba Italiya gida biyu. A kudu, inda ake noman alkama mai tauri da ake kira durum, tsakinta da ruwa kaɗai sun isa a yi taliya mai ƙwari. A arewa, musamman yankin Emiliya-Romanya da birnin Bolonya, alkama mai laushi aka fi samu, ƙwai ne ke cike mata giɓin. Ma'aunin da aka saba da shi can shi ne ƙwai 1 ga kowane giram 100 na fulawa, ba a ƙara ruwa. A yankin Fiyamonte akwai siririyar taliya mai suna tayarin, wadda wasu ke zuba wa gwaiduwa 30 zuwa 40 a kilo ɗaya na fulawa. Gwamnati ma ta shiga maganar: dokar Italiya ta 2001 ta ce ba a kiran taliyar kanti da sunan taliyar ƙwai sai an sa aƙalla ƙwai 4, masu nauyin giram 200 ba ɓawo, a kowane kilo na tsakin alkama.

A ɗauki fulawa giram 300 da ƙwai 3. Nauyin ƙwan giram 150 ne, ruwan da ke cikinsa kusan giram 112, wato wajen kashi 37 cikin 100 na nauyin fulawar. Kwaɓin zai fara da bushewa da gautsi, har mutum ya ga kamar ba zai haɗu ba. Bayan cuɗawar minti 10 yakan yi sumul, sai a rufe shi ya huta rabin awa domin gilutin ya saki jiki, in ba haka ba duk murzawar da aka yi zai riƙa komawa baya. To, a ce an musanya kowane ƙwai da gwaiduwa 2. Gwaiduwa 6 ba su wuce giram 110 ba, ruwansu kuma kusan giram 55 ne kacal, rabin abin da fulawar ke bukata. Kwaɓin zai farfashe, gefensa ya riƙa tsagewa a injin murji. Maganinsa a ƙara gwaiduwa ko a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuma ƙwayayen manya ne ƙwarai, kwaɓin zai riƙa manne wa hannu, a nan fulawa ake barbaɗawa. Awo da sikeli ya fi ƙirga ƙwai inganci, tunda kaji ba girma ɗaya suke sakawa ba. Ɗanyar taliyar ƙwai tana dahuwa cikin minti 2 zuwa 4.

A cikin burodi

A burodi, gwaiduwa tana sa ciki ya yi laushi da ƙananan ramuka masu daidaito, maiƙonta da lesitin kuma suna jinkirta ƙandarewar burodin bayan ya kwana. Farin yana taimaka wa burodin ya tsaya da tsayinsa a tanda, amma idan ya yi yawa ciki ya kan bushe ya yi kamar roba. Buriyosh ya kai abin ƙarshe: ƙwai a cikinsa yakan kai rabin nauyin fulawa, bota ma kusan haka. Irin wannan kwaɓi yana daɗewa kafin danƙonsa ya haɗu, shi ya sa ake fara cuɗa fulawa da ƙwai, sai gilutin ya kafu a riƙa sa botar gutsure-gutsure. Hala kuwa da man girki aka saba yin sa maimakon bota.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fasa ƙwai a kan kwaɓin da ruwansa ya riga ya cika. Burodin da ke cin fulawa giram 500 da ruwa giram 325, idan aka ƙara masa ƙwai 2 an shigar da ruwa giram 75 ke nan, don haka ruwan da za a zuba ya koma 250. Wanda bai rage ba zai ga kwaɓin ya baje a faranti.

Launi

Ruwan ɗorawar da ake gani daga gwaiduwa yake, gwaiduwa kuma daga abincin kaza take samo shi. Kazar da ke cin jar masara da ɗanyen ganye gwaiduwarta takan yi ja-ja, wadda ke cin farar masara ko alkama tata ba ta da launi sosai. Wasu masu kiwo suna sa garin wani fure mai suna marigol a abincin kaji don launin kawai. Duhun gwaiduwa bai nuna yawan furotin ko maiƙonta ba, saboda haka taliya biyu masu ƙwai daidai wa daida suna iya bambanta a ido.

Haka kuma ba kowace taliya mai ruwan ɗorawa ce ke da ƙwai ba. A Sin da Japan ana kwaɓa wasu nau'o'i, har da ramen, da ruwan kansui, wanda ɗan'uwan ruwan kanwa ne. Shi ke tayar da wani launi da ke ɓoye a cikin fulawar kanta, ya kuma ƙara wa taliyar ƙarfi. Masu sa ɗan ruwan kanwa a kwaɓin taliyar murji a ƙasar Hausa sun san wannan sauyin launi. Taliyar wantan ta Kanton a kudancin Sin takan haɗa biyun, ƙwan agwagwa da kansui.

Launin bayan burodi wani abu ne daban. Furotin ɗin ƙwai yana haɗuwa da sukari a zafin tanda ya ba da ruwan ƙasa mai duhu, don haka burodi mai ƙwai yakan yi ja da wuri alhali cikinsa bai nuna ba. Ana gasa shi a wajen digiri 180, ƙasa da zafin burodin fulawa da ruwa zalla. Shafa kaɗaɗɗen ƙwai a sama kafin gashi yana ƙara sheƙi. Gwaiduwa ta fi ba da duhu, fari ya fi ba da ƙyalli.

Ajiya

Ɗanyen kwaɓi mai ƙwai ba ya jure zafin ɗaki, saboda ƙwayar cutar salmonela na iya yaɗuwa a cikinsa. Ko a firji, bayan kwana ɗaya zuwa biyu iska takan mayar da launin taliyar ruwan toka. Wadda ba za a dafa a ranar ba, ana sa ta a firiza ko a busar da ita har sai ta karye idan an lanƙwasa.